Ɗa'ar Bincike da Hanyar Samun Bayanai

Wannan bincike kan adashi da bashi a tsakanin mata 'yan kasuwa na Aboabo, Asawase da Sabon Zango a Kumasi ya samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'armu kafin a shiga gida ko ɗaya; kwafin takardar na ƙarshen rahoton. An bi ƙa'idojin Sanarwar Helsinki da Dokar Kare Bayanai ta Gana ta 2012, doka mai lamba 843.

Mun fara gaishe da sarakunan zango da limamai, amma izininsu na shiga unguwa ne kawai, bai zama yardar kowa ba. Kowace mace an karanta mata takardar neman yarda da Hausa ko Tuwi, wanda ta zaɓa, an kuma gaya mata tana iya tsallake tambaya ko ta ce a tsaya. Wadda ba ta rubutu ta dangwala yatsa a gaban shaidar da ita ta kawo. Ba a ɗauki 'yar ƙasa da shekara 18 ba. Da yake maganar bashi ba ta son kunnen maigida ko kishiya, idan ba a samu keɓewa ba sai a ɗaga hirar zuwa wata rana. An ba kowacce katin waya na sidi 10 saboda lokacinta, ko da ba ta kai ƙarshe ba.

An ɗauki amsoshi da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox. Sunaye da lambobin waya suna wani fayil dabam mai kalmar sirri, mutum biyu kaɗai ke buɗe shi. Za a goge shi wata shida bayan kammala hirarraki, kuma daga nan janyewa ba za ta yiwu ba, domin ba sauran hanyar gane amsar wance. An faɗa musu haka tun farko.

Cire suna bai wadatar ba a zango, inda "bazawara mai sayar da waina kusa da masallaci" ta isa a nuna gida. Saboda haka an cire alamar wurin da aka yi hira, an tara shekaru goma-goma, an haɗe duk ƙabilar da ba ta kai mutum 10 ba cikin "sauran", amsoshin da mata suka yi bayani da kalmominsu kuwa ba za su fita ba.

Cikin mata 420, 31 sun yarda a yi hira amma sun ƙi a ba wasu amsoshinsu. Fayil ɗin CSV da ake bayarwa na mutum 389 ne, don haka alƙalumansa za su ɗan saɓa wa na jadawalinmu. Mai buƙata ya rubuto wa jagorar binciken manufarsa, ya sa hannu cewa ba zai nemi gano kowa ba, ba kuma zai miƙa wa wani ba. Ana ba da amsa cikin kwana 30, tare da takardar tambayoyin da takardar bayanin lambobin da ke cikin fayil ɗin. Za a ajiye bayanan shekara 5.