Jawabi a taron lafiya na unguwa: ruwan da ya kwana bakwai

Assalamu alaikum. Dattawa, iyayenmu mata, matasa, barkanmu da warhaka. Na san an baro ayyuka a gida, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Sauro ba ya haihuwa a cikin ciyawa, ba ya haihuwa a bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado. Waɗannan wuraren hutawarsa ne. Ƙwansa sai da ruwa yake ƙyanƙyashewa, kuma ruwan da ke tsaye. Macen sauro ce kaɗai ke cizo, domin da jini take raya ƙwan cikinta. Idan ta sha ta ƙoshi, bayan kwana 2 ko 3 sai ta nemi ruwa ta zuba ƙwai, a zubi ɗaya daga 50 har zuwa 200. Ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta yi ta ci tana saɓa, sannan ta dunƙule ta daina ci, daga nan fatar ta tsage sauro ya fito ya tashi. A lokacin zafi, duk wannan yana kammaluwa cikin kwana 7 zuwa 10. Ku riƙe min wannan lissafin, don a kansa duk maganarmu ta yau ta tsaya: ruwan da aka zubar kafin ya cika mako, ya tafi da 'ya'yan da ke cikinsa.

Ga kwalbar nan. Ɗazu da safe matasanmu suka ɗebo ruwan daga cikin wata tsohuwar taya a bayan wannan ɗaki da muke zaune. Baba, karɓi ka duba, ka miƙa wa na kusa da kai. Kun ga ƙananan abubuwan nan masu wutsil-wutsil? Ku ƙwanƙwasa kwalbar, za su nutse ƙasa. Ku ɗan dakata, za su sake tasowa, saboda iska suke shaƙa a saman ruwa. Waɗanda suka rataye kai a ƙasa dabam, wanda kuma ya kwanta a miƙe a ƙarƙashin fuskar ruwa shi ne ɗan sauron zazzaɓi. Mai dunƙulen nan kamar waƙafi, gobe ko jibi zai yi fiffike.

Da yawanmu idan aka ce sauro, sai hankali ya tafi kan kwata mai wari. Gaskiya ne kwata da masai suna haifar da sauro, irin wanda ake kira Kiyuleks, mai hana barci da kuka a kunne. Amma Anofilis, wanda ke ɗauke da zazzaɓin cizon sauro, ya fi son ruwa mai ɗan tsabta, marar zurfi, wanda rana ke dukansa: ɗan kwarin da ruwan sama ya taru a tsakar gida, sawun tayar mota a kan hanya, sawun kofaton dabba a bakin rijiya, ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini aka bari. Akwai na uku, Edis, mai zanen fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana yana yaɗa cutar shawara da zazzaɓin dengi. Shi kuma mazubi yake bi: duro, randa, bokiti, gwangwani, taya, har murfin kwalba. Ba ya tafiya mai nisa. Idan ya cije ka a gida, to a gidanka aka haife shi ko a maƙota.

Tun 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro a ƙasar Indiya. Shekara fiye da 100 ke nan, amma har yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum wajen 600,000 a shekara, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ba sai na faɗa wa uwa abin da zazzaɓin yaro yake nufi da tsakar dare ba.

To, me za a yi a gida? A ware rana ɗaya a mako, a zagaya gidan ciki da waje. Abin da ba a amfani da shi, a kife shi ko a fitar da shi. Taya tana da wuyar sha'ani, duk yadda ka juya ta sai ruwa ya maƙale a ciki, don haka a huda ta, ko a cika ta da ƙasa, ko a shigar da ita inuwar rufi. Kaskon ruwan kaji da na dabbobi, a zubar a sake kowane kwana 2 ko 3. A leƙa indararo, ganye yana toshe shi ruwa ya kwanta a sama inda ido ba ya kai wa.

Iyaye mata, ga inda nake so mu daɗe. Ba wanda zai ce ku zubar da ruwan da kuka sha wahalar ɗebowa. Rufewa ake yi, da murfin da ya zauna daram. Idan murfin ya ɓace ko ya fashe, a shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a ɗaure bakin da igiya ko roba. Sannan idan ruwan ya ƙare, kafin a sake cikawa, a sa soso a dirje cikin mazubin. Dalili kuwa, Edis ba a kan ruwa yake zuba ƙwai ba, a jikin bangon mazubin yake liƙa shi, dab da inda ruwan ya tsaya. Ƙwan nan yana iya bushewa ya yi watanni bai mutu ba, ranar da ruwa ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. Ɗauraya kawai ba ta cire shi. Tankin sama ma haka, a duba murfinsa, a ɗaure raga a bakin bututun da ke fitar da rarar ruwa.

Sai ruwan wanka da na wanke-wanke da ke bi ta rariya ya taru a bayan katanga. Maganinsa rami. A haƙa mai zurfin kamar mita 1, nesa da rijiya da kuma tushen gini, a zuba manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a sama, a karkato ruwan ciki, a rufe. Ƙasa za ta shanye shi. Inda ƙasar taɓo ce ba ta shan ruwa, a ja 'yar hanya mai gangara zuwa babbar magudana, a riƙa share ta. Kwarin tsakar gida da na bakin famfo kuwa, shebur biyu na yashi ya wadatar.

Wasu suna zuba baƙin man inji a kan ruwa. Don Allah a bari. Yana kashe tsutsa, amma yana lalata ƙasa, yana gangarawa rijiya, ga yara da dabbobi suna wasa a wurin. Babban kududdufin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, a kawo mana rahoto, jami'an tsabtar muhalli suna da maganin da aka yi domin wannan aikin.

Kada kuma wani ya koma gida ya kwance gidan sauronsa ya ce ai ya zubar da ruwa. Sauron zazzaɓi yana iya tasowa daga wajen unguwa, kuma da dare yake cizo. A ci gaba da kwana a cikin gidan sauro mai magani, musamman yara da masu juna biyu. Wanda jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a jira gobe.

Ranar Asabar da ƙarfe 8 na safe matasa za su fara zagayawa gida-gida da shebur da baro. Muna roƙon masu gida su ba su izinin shiga, kuma a samu babba guda ya zagaya tare da su, don ya ga wuraren da idonsa. Mai son a taya shi haƙa ramin ruwan wanka ya rubuta sunansa a takardar da ke bakin ƙofa kafin ya fita. Hajiya, na ga hannunki a sama tun ɗazu, bismillah.