Koci, don Allah ina da tambaya a kan yaron nan

Assalamu alaikum Koci, ya aiki ya fama da yara, Allah ya saka da alheri. Ni ne baban yaron nan naka mai jesi lamba 14 na 'yan ƙasa da shekara 13, telan nan da ke kawo shi a babur ranar Asabar. Na so in tare ka a fili amma kullum yara sun kewaye ka, kuma ba na son ya ga kamar na je roƙa masa ne, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Koci tun bayan ƙaramar sallah kun buga wasa 7, na je 5 da ƙafata, rufe shago nake yi in taho. Sau 2 kacal na ga ya shiga, na ƙarshen ma saura kamar minti 4 rafali ya tashi wasa, ko taɓa ƙwallon bai yi ba. To abin da ya tsaya min a rai ke nan. Yaron nan daren wasa da tsohon buroshin haƙori yake wanke but ɗinsa, na gwanjo ne na saya masa a Ƙofar Wambai amma ka ce zinare ne yadda yake lallaɓa shi, ya jera shi da safa a gefen katifa sannan ya kwanta. Washegari ya dawo jesi fes ko ƙura babu, har babarsa ta ce ai wannan ba ta buƙatar wanki, sai ya shige ɗaki ranar ko tuwo bai ci ba.

Satin da ya wuce ce min ya yi, Baba ka daina rufe shago saboda ni, ai benci zan zauna. Wallahi maganar nan ta dake ni.

Ni ban ce ya fi kowa ba, ƙwallo sana'arka ce, ni almakashi na sani. Na kuma san yana makara tirenin ranar Talata don sai an tashi Islamiyya, in wannan ne laifin to nawa ne, ni na hana shi fita kafin a tashi. In kuma ƙanƙantar jikinsa ce ko rashin gudu ko ba ya sakin fasin da wuri, ka faɗa min gaskiya komai ɗacinta, akwai fili bayan gidanmu, zan tashe shi bayan asuba mu yi ta yi. Yanzu in ya tambaye ni me ya sa ba a sa shi, ba ni da amsa, haƙuri kawai nake ba shi kuma na ga ya fara gajiya da ji.

Asabar ɗin nan in Allah ya kai mu zan tsaya bayan an tashi, ko minti 5 ka ba ni, amma don Allah ba a gabansa ba.

Na gode, a gaida iyali.

Baban mai lamba 14