Sallama da Tek, daga ɗiyar Aboabo

Assalamu alaikum, 'yan'uwana ɗalibai.

Daga ƙofar gidanmu a Aboabo zuwa ƙofar Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda muke kira Tek, tafiyar ba ta kai rabin awa a turoturo ba idan hanya ta yi kyau. Amma ranar da na fara shigowa, a Janairun 2021, ji na yi kamar na tsallaka wata ƙasa. Korona ce ta jinkirta mana shiga, kowa da takunkumi a fuska, ba ka gane mai murmushi balle ka yi aboki.

Akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa, yau zan faɗa. A shekarata ta farko, idan aka tambaye ni daga ina nake, sai in ce Kumasi, in yi shiru. Ba na cewa Zango. Idan Mma ta kira ni ina cikin mutane, nakan fita waje kafin in amsa da Hausa. Matar nan kuwa tun ƙarfe huɗu na asuba take kan wuta, tana dama koko tana suyar ƙosai. Da waɗannan sidin masu ƙamshin mai aka biya mini kuɗin makaranta da na ɗaki a Ayeduase. Har yanzu idan na tuna sai idona ya cika.

Shekarun tsakiya sun wuce da lissafi, karatun dare da fitilar waya idan wuta ta ɗauke, da buɗe-baki a masallaci, inda mutum biyar ke raba kwanon wake da shinkafa ɗaya.

A shekarar ƙarshe na ɗauki magudanan ruwan Aboabo a matsayin aikin bincikena na injiniya, saboda na san yadda ruwa ke shiga ɗakuna duk damina. Mu huɗu muka je awo. Abokan aikina ba sa jin Hausa, ni ce bakinsu. Wani tsoho ya kama hannuna ya kai ni bangon ɗakinsa, ya nuna layin da ambaliya ta bari, daidai ƙuguna. Ya ce, "'Yata, rubuta da kyau, ke tamu ce." Ranar na kai su gidanmu, Mma ta zuba musu koko, suka sha har da ƙari.

Ƙannena da ke baya, don Allah idan an tambaye ku unguwarku, ku faɗe ta da baki cike. Malamanmu, Allah Ya saka da alheri. Wanda na ɓata wa, ya yafe mini.

Ranar yaye mu Mma za ta zo, ta riga ta kai atamfarta wajen tela. Bayan nan sai hidimar ƙasa, kuma ina roƙon Allah a bar ni a Kumasi, don awon magudanan nan bai ƙare ba.