Gyaran muryar da aka ɗauka da waya: saƙo ga Awudu kan faifan Hajiya

Salamu alaikum Awudu, ƙanena. Na saurari faifan da ka ɗauko a Aboabo, nasihar Hajiya Mariyama ga mata masu shayarwa a watan azumi. Maganar ta yi kyau, muryar ce ta tsinke kamar kokon da aka cika wa ruwa, ga ƙarar fanka a bayanta. Tunda ba zan dawo Kumasi kafin Juma'a ba, kai za ka gyara shi. Ga yadda za ka bi a Audacity, manhajar gyaran sauti ta kwamfuta.

Da farko ka tabbata faifan asali ne a hannunka, wanda ke cikin manhajar rikoda ta wayar. Wanda aka yi ta turawa a matsayin saƙon murya an matse shi, wani abu ya riga ya zube. Idan m4a ne kuma ya ƙi buɗuwa, FFmpeg ne, ƙarin manhajar da ke buɗe irin wannan faifan, ba a sa wa kwamfutar ba. Da ya buɗe ka zaɓi layin sautin ka danna Ctrl+D. Ɗaya za ka yi wa aiki, ɗayan ka ajiye don gwadawa.

Ka san abin da ke tsinka murya kafin ka taɓa komai. Da Hz ake auna kauri ko tsinin sauti, da dB kuma ƙararsa. Gindin muryar namiji yana tsakanin 85 Hz da 180 Hz, na mace tsakanin 165 Hz da 255 Hz, kusan haka. Waya kuwa an yi ta ne don a fahimci magana, saboda haka tana rage ƙasan sauti domin ta guje wa iska da motsin hannu. Ga shi kuma ka ajiye ta a kan tebur, nesa da bakin Hajiya, sai ta kwashi amsa-kuwwar ɗakin fiye da muryar. Ka shiga Analyze, ka zaɓi Plot Spectrum, za ka ga inda sautin ya taru da inda babu komai. Ikwalaiza tana ƙara abin da ke nan ne ko ta rage shi. Inda wayar ba ta ɗauki komai ba, ko ka ja layin har sama, hayaniya kawai za ka ɗago.

Nan ne yara da yawa ke ɓata aiki. Da sun ji murya ba kauri sai su tura bas ɗin 60 Hz ko 80 Hz. Muryar Hajiya ba ta kai can ba. Abin da ke zaune can shi ne gurnanin fanka, da aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku, mai wucewa a titi, da zugar wutar lantarki, wadda a Gana take kan 50 Hz. Don haka yankewa za ka fara yi. A Effect ka nemi High-Pass Filter, ka sa 100 Hz, Roll-off kuma 12 dB. Da muryar namiji ce, 75 Hz ko 80 Hz zan ce maka. In har yanzu kana jin zugar wuta, ka sa Notch Filter a 50 Hz, ka sake a 100 Hz da 150 Hz in ta ƙi tafiya.

Yanzu buɗe Filter Curve EQ. Kafin ka nemi kauri, ka nemi abin da ke damun kunne. A faifan nan wurare biyu ne. Na farko yana wajen 400 Hz zuwa 500 Hz, shi ne ke sa a ji kamar daga cikin kwali take magana, aikin bangon siminti da tayil ne. Na biyu yana wajen 2500 Hz zuwa 3000 Hz, tsinin nan da ke soka kunne duk lokacin da ta ɗaga murya. Hanyar gano su ita ce ka ɗaga ɗan siririn tudu, kamar 8 dB, ka danna Preview, ka yi ta matsar da shi hagu da dama kana sake danna Preview har ka ji wurin da munin ya fi fitowa. Nan ne wurin. Sai ka juya tudun ya koma rami na 2 dB ko 3 dB. Ka rage ƙarar hedifon kafin ka yi wannan.

Za ka yi mamaki: da ka rage tsinin nan, muryar za ta yi kauri tun ba ka ƙara mata komai ba. Sau da yawa abin da muke kira tsinkewa yawan tsini ne ya danne ƙasan muryar. Shi ya sa nake so ka tsaya a nan ka saurara da kyau, don ka san nawa ne ya rage a ƙara.

Abin da ya rage ka nema shi wajen 200 Hz zuwa 250 Hz, inda gindin muryarta yake, kuma inda wayar ta ɗauko wani abu. Tudu mai faɗi, mai gangara a hankali, kada ya wuce 3 dB. Ga ɗigogin da zan fara da su:

```
120 Hz     0 dB
220 Hz    +3 dB
330 Hz     0 dB
450 Hz    -3 dB
800 Hz     0 dB
2000 Hz    0 dB
2800 Hz   -2 dB
4500 Hz   +2 dB
6500 Hz    0 dB
```

Mafari ne kawai, kunnenka zai gyara su. Ɗan ƙarin da ke 4500 Hz shi ne zai fito da baƙaƙe irin su t da k, har tsohuwa mai sauraro a rediyo ta bambanta kalmomin ba tare da ta matso ba. Amma ka yi hattara. Sama da shi kaɗan, daga 5000 Hz zuwa 8000 Hz, nan s da sh da ts suke. Ka nemi wurin da ta ce "shayarwa" ko "tsabta" ka saurara. In sun fara feshi a kunne, ka mayar da 4500 Hz ɗin sifili. Sama da 10000 Hz kuwa kada ka taɓa, a faifan waya yawanci shuu ɗin makirfo ne kawai a wurin.

Maganar fanka: Noise Reduction za ka yi, kuma kafin ikwalaiza. Zaɓi daƙiƙa biyu inda ta yi shiru, Get Noise Profile, sannan ka zaɓi layin sautin gaba ɗaya, ka sake buɗe Noise Reduction ka rage 6 dB zuwa 9 dB. Fiye da haka muryar za ta koma kamar ta cikin ruwa. Ni dai na fi son a ji ɗan motsin fanka da a ji haka.

Wajen gwadawa akwai tarko. Kunne yana ɗaukan duk abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Ka daidaita ƙarar layukan biyu tukuna, sannan ka riƙa danna Solo kana sauyawa tsakanin na asali da gyararren. Tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: wanda ya san Hajiya, zai ce muryarta ce? In ta koma kamar ta namiji, 220 Hz ya yi yawa.

Kada ka tsaya a hedifon ɗin sutudiyo. Matan Asawase da Sawaba da za su ji nasihar nan, mafi yawansu a lasifikar waya za su ji, wasu a ƙaramar rediyo suna tsakiyar girkin buɗa-baki. Ƙaramar lasifika ba ta fitar da ƙasan sauti, kaurin da ka sha wahala a kansa rabinsa ba zai isa gare su ba, amma tsinin 2800 Hz zai isa har ya yi yawa. Tura wa wayarka, ka fita tsakar gida inda ake hayaniya ka kunna. In akwai kalmar da ta ɓace maka, ka koma.

Idan ka gamsu, Normalize a -1 dB, ka ajiye layin ikwalaizar da sunan Hajiya don sauran darussan, tunda a ɗaki ɗaya za a ɗauka. Ka danna Mute a layin asali don kada ya haɗu da gyararren, sannan ka fitar da WAV ɗaya na gidan rediyo, MP3 ɗaya na rabawa, ka turo mini a matsayin Document, ba saƙon murya ba, in ji kafin ka kai. Ranar Asabar kuma in ka koma ɗauka, ka roƙe su a kashe fanka na minti goma, ka sa wayar kamar tsawon tafin hannu ɗaya daga bakinta, ɗan gefe kaɗan don kada numfashi ya buge ta. Ka gaishe min da Hajiya da mutanen gida.