Takardar neman aikin harhaɗa magunguna a Babban Asibitin Funtuwa

Funtuwa, Jihar Katsina,
15 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga Shugaban Babban Asibitin Funtuwa,
Ta hannun Shugaban Sashen Magunguna.

Ranka ya daɗe,

NEMAN GURBIN JAMI'AR HARHAƊA MAGUNGUNA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, da ku da dukkan ma'aikatanku, na rubuto ne ina neman gurbin ƙaramar jami'ar harhaɗa magunguna da na ga sanarwarsa a allon asibiti makon jiya.

Na kammala digirin harhaɗa magunguna na shekara biyar a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 2023. Daga nan na yi aikin sanin makamar aiki na wata 12 a wani asibitin koyarwa, na zauna jarrabawar rajista ta Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, PCN, kuma Allah ya ba ni sa'a. Lasisina na bana yana hannu. Bautar ƙasa kuwa na yi ta a wani babban asibitin ƙaramar hukuma a Jihar Jigawa, na gama a watan Yulin da ya wuce. Ke nan shekara biyu ce rak nake da ita a bakin aiki, kuma ta farkon ma duk a ƙarƙashin idon manya na yi ta. Na ga ya fi kyau in faɗi wannan tun daga farko, domin ku auna sauran bayanina da shi.

A shekarar sanin makamar aiki an zagaya da mu sassa: tagar masu zuwa su koma gida, ɗakin yara, ɗakin haihuwa, sashen gaggawa, babban sito, da ɗakin da ake haɗa magungunan da ba a samu a shirye. Inda na fi daɗewa kuma na fi ƙaruwa shi ne ɗakin yara, wata uku cif, kuma ya faɗo a tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje har a kwantar da yara biyu a gado ɗaya. A can hannuna ya faɗa da lissafin magani bisa nauyin yaro. Wata rana da daddare aka kawo min takardar wani yaro mai kilo 12, an rubuta masa allurar atisunet a kan miligiram 2.4 ga kowane kilo. Wannan awo na manya ne da yaran da suka kai kilo 20. Wanda bai kai ba, miligiram 3 ake ba shi ga kowane kilo. Yaron nan 36 ya kamata ya samu, aka rubuta masa ƙasa da 29. Ban gyara da biro na ba, don ba hurumina ba ne. Na ɗauki takardar na je na sami likitan, na ce, "Likita, don Allah a ƙara duba min nauyin yaron nan." Ya duba, ya gyara, ya sa hannu, muka ci gaba da aiki. Ban ɗauki wannan wata bajinta ba. Mutumin ya kwana biyu bai runtsa ba, kuma dalilin da ya sa ake ajiye mai harhaɗa magani tsakanin likita da majinyaci ke nan.

Ni ma an taɓa kama nawa kuskuren, kuma gara ku ji shi daga bakina. A watana na biyu, layi ya yi tsawo, na miƙa hannu kan kanta na ɗauko maganin zazzaɓi mai ƙarfin 80/480, wanda ƙwaya ɗaya ke wadatar da babban mutum a kowane sha, alhali yarinyar da aka rubuta wa mai 20/120 take buƙata. Kwalayen kamfani ɗaya ne, launinsu kusan ɗaya. Babbar da ke duba aikina ta tare ni kafin ledar ta fita taga. Ba ta yi min faɗa a gaban mutane ba. Da aka tashi ta sa na rubuta abin da ya faru a littafin kurakurai, muka kuma raba wa kwalayen biyu kanta. Tun ranar nake karanta kwali sau uku: lokacin ɗaukowa, lokacin sawa a leda, da lokacin miƙawa. Yana ɗan rage min sauri, na sani, kuma wasu a layi sukan yi tsaki. Na gwammace tsakin.

Abin da nake ganin zan fi yi muku amfani da shi tun ranar farko shi ne zama a taga. Ni 'yar garin nan ce, nan aka haife ni, kuma na san yadda mutanenmu ke jin bayanin magani. Idan aka ce wa tsohuwa "sau uku a rana" aka tsaya nan, tana iya shanye ukun kafin la'asar. Ni nakan ɗaura mata shi a kan abin da ba ta mantawa: bayan sallar asuba, bayan azahar, sai kuma lokacin kwanciya. Maganin zazzaɓi nakan nuna wa uwa da yatsa a jikin katin: wannan yanzu, wannan bayan awa takwas, sauran safe da yamma har kwana uku su cika, a ba shi da nono ko abinci mai ɗan maiƙo, kuma ko jikin ya yi sanyi gobe kada a ajiye ragowar don ƙaninsa. Garin amoksisilin na yara ba na bari ya fita ban nuna layin da ruwa zai tsaya a jikin kwalba ba, ruwan kuma dafaffe da ya huce, sannan in ba da murfin awo, saboda cokalin gida kowanne da girmansa. Kafin mutum ya tafi sai na ce, "Baba, maimaita min yadda za ka sha." A nan ake gane wanda ya ce "to" don kunya kawai.

Nakan kuma tambayi abin da ake sha a gida, jiƙo ne ko tsimi ko kunun kanwa, ba tare da na nuna raini ba, domin wanda aka kushe masa maganin kakarsa ba zai sake faɗa maka gaskiya ba. Da azumi ma akwai aiki: mai ciwon suga da ke shan gilibenkilamid, idan ya ɗauki azumi bai yi shawara ba, sugansa na iya faɗuwa da rana tsaka. Irin waɗannan nakan mayar da su wurin likita kafin watan ya kama, a daidaita musu.

A Jigawa, saboda ƙarancin ma'aikata, sito ya dawo hannuna wata bakwai. Na riƙe katin kowane magani, abin da ya shigo da abin da ya fita, ina fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa ƙarewa kafin sabo, ina kuma ƙirga kaya ƙarshen kowane wata tare da akawun asusun jujjuya kuɗin magani. Firji nakan duba shi safe da yamma in rubuta, don insulin da oksitosin su zauna tsakanin digiri 2 da 8. Da zafin watan Afrilu, daren da wuta ta ɗauke janareta kuma ya ƙi tashi, ni da maigadi muka kwashe su cikin akwatin ƙanƙara muka kai firjin sola na sashen rigakafi. Duk kayan da aka kawo sai na duba lambar NAFDAC da lambar rukuni da ranar ƙarewa kafin in sa hannu, kuma sau biyu na mayar da kaya saboda takardar da kwalin ba su yi daidai ba. Littafin magungunan da doka ta tsaurara, irin su fetidin da mofin, na iya cika shi, ampul ɗaya ba ya fita ba sa hannu. A garuruwanmu, inda tiramadol da kodin suka yi wa matasa illar da kowa ya gani, har gwamnati ta hana ruwan maganin tari mai kodin a 2018, ba na ɗaukar makullin wannan durowa da wasa, ko da wanda ya zo roƙo ɗan unguwarmu ne.

Akwai wuraren da ƙafata ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Magungunan ciwon daji kallo kawai na yi ana haɗa su, mako biyu, ban taɓa haɗawa da hannuna ba. Daidaita awo ga mai ciwon ƙoda na san ƙa'idarsa, amma har yanzu sai na buɗe littafi kuma na nemi babba ya duba min. Ban taɓa shugabantar kowa ba in ban da ma'aikata biyu masu taimaka min a sito, kuma sayen kaya da yawa, daga neman farashi har biyan kuɗi, gefensa kawai na gani. Manhajar kwamfuta ta rubuta magani na yi aiki da ita a asibitin koyarwa. Idan taku daban ce zan buƙaci 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa nake son wannan gurbi shi ne akwai manya a sashen da zan riƙa tambaya, domin a watannin nan bakwai na ɗanɗana zaman da babu wanda za ka juya ka ce wa "duba min wannan", ban kuwa ji daɗinsa ba.

Game da lokutan aiki, na saba da kwanan asibiti da aikin ƙarshen mako da ranakun Sallah. Gidanmu ba shi da nisa, ko da tsakar dare aka kira zan iya isowa cikin minti 20, kuma na yi magana da iyayena sun amince. Ba kuma neman wurin ratse nake yi ba kafin wata dama ta samu a Abuja ko Kaduna. Ina da niyyar ƙaro karatu a fannin kula da magungunan marasa lafiya na kwance nan gaba, amma sai na yi wasu shekaru ina aiki, kuma da izininku.

Na haɗo da takardar tarihin karatuna da aikina, wadda lambar wayata da adireshina ke ciki, da kwafin shaidar digiri, da ta rajista, da lasisin bana, da takardar kammala bautar ƙasa, da ta shaidar ƙaramar hukuma. Mutum biyu sun yarda a tuntuɓe su a kaina: babbar jami'ar da ta kula da ni a ɗakin yara, wadda ita ce ta kama kuskuren da na ambata, da shugaban asibitin da na yi bautar ƙasa. Sunayensu da lambobinsu na shafi na biyu.

Idan kun ga ya dace a kira ni ganawa, ko a gwada ni a taga ko a sito na yini ɗaya kafin ku yanke shawara, a shirye nake kowace rana, kuma zan iya kama aiki daga 1 ga Oktoba, in Allah ya yarda.

Allah ya ƙara girma, ya taya ku riƙo. Na gode.

Taku mai biyayya,
Rukayya Aminu