Takardar Neman Sauya Asusun Banki da Sunayen Magada

Zuwa ga Shugaba,
Hukumar Fansho ta Jihar Filato,
Jos.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da hukuma cewa zan yi ritaya a ƙarshen watan Disamba, bayan shekara 35 ina koyarwa a makarantun firamare na Jos ta Arewa.

Ina roƙon a cire tsohon asusuna, wanda na rufe, a sa sabon da lambarsa ta ƙare da 4172, domin kada kuɗin sallama da fanshona su maƙale.

Magana ta biyu ta fi damuna. Lokacin da na kama aiki ban yi aure ba, saboda haka sunan yayana na rubuta a matsayin magaji, shi kuwa Allah ya yi masa rasuwa bara. Ina so a maye gurbinsa da matata da 'ya'yanmu uku, waɗanda cikakkun sunayensu ke cikin fom ɗin da na haɗo, tare da takardar shaidar rasuwar da ta banki.

Ina fatan a kammala gyaran kafin a rufe fayil ɗina.

Naku cikin girmamawa,
Malamin Aji Shida,
Unguwar Rogo, Jos.