Tambayoyin shiga manhajar neman abokin zama

Assalamu alaikum, barka da zuwa. Mu da muka haɗa wannan manhaja ƴan Damagaram ne, kuma don masu neman aure muka yi ta. Tambayoyin ba za su wuce minti goma ba. Wadda aka sa wa tauraro (*) ita ce dole, sauran kuna iya danna "Wuce". In karatun boko yana ba ku wuya, ku taɓa hoton lasifika ku ji tambayar da murya, ku amsa da murya.

1. Lambar waya*
Ku rubuta lambarku mai alƙaluma 8 bayan +227. Mai lambar Najeriya ya zaɓi +234. Za mu turo saƙon tabbatarwa. Babu wanda zai ga lambar nan, ko wanda kuka daidaita da shi, sai ranar da kuka ba shi da kanku.

Wayar taku ce ku kaɗai, ko ana aron ta a gida? In ana aro, za mu sa lambar sirri kafin manhajar ta buɗe, kuma saƙo ba zai fito a fuskar waya ba.

2. Namiji ko mace?*

3. Shekarar haihuwa*
Sai wanda ya cika shekara 18. Ba ma karɓar na ƙasa da haka, ko da iyaye ne suka cike masa. In ba ku riƙe rana da wata ba, shekarar ta isa.

4. Da wane suna kuke so a kira ku?*
Suna ɗaya ya wadatar, ko na yanka ko laƙabi. Kada ku sa sunan mahaifi ko na gidanku. Damagaram gari ne da ake sanin juna, sunan gida kaɗai yana iya nuna ƙofar mutum.

5. Ina kuke zaune?*
Cikin garin Damagaram / Mirya / Magarya / Matamaye / Tanut / Gure / Dungas / wani gari a Nijar / wajen ƙasa.
In cikin gari ne, kuna iya faɗin unguwa, kamar Birni, Zango, Sabon Gari ko Garin Malam. Don lissafin nisa kawai muke tambaya, mutane "Damagaram" za su gani.

Aiki yana kai ku nesa da gida? Ina zaune wuri ɗaya / ina zuwa ci-rani in dawo da damina / fatauci nake tsakanin nan da Kano ko Agadas / ana yi mini canjin wurin aiki. Ku faɗi gaskiya a nan, domin akwai mai iya zaman jiran miji wata shida, akwai wadda ba ta iyawa, kuma kowacce tana da haƙƙin ta sani tun farko.

6. Waɗanne harsuna kuke ji?
Hausa / Barbarci / Fulatanci / Buzanci / Tubanci / Zabarmanci / Larabci / Faransanci / Ingilishi.
Harshe muka tambaya, don a san da me za a yi hira. Ba za ku ga tambayar ƙabila ko asali a nan ba. Mun daɗe muna shawara a kan wannan, muka tsaya a kan cewa ba za mu buɗe wurin da za a tace mutum saboda kakansa maƙeri ne ko mahauci ko wanzami ba. Wanda abin ya dama, ya tambaya baki da baki idan magana ta kai gaban manya.

7. Matsayin aure*

Ga mace: Ban taɓa aure ba / aurena ya mutu / mijina ya rasu.
In kin taɓa aure, kin gama idda ko takaba? In da saura, ki cike komai yanzu, mu ajiye miki, shafinki ya buɗe ranar da kika ce kin gama. Ba za mu tambaye ki abin da ya kashe auren ba. Labarinki ne, ke za ki zaɓi wanda za ki ba.
Za ki iya zama da abokiyar zama? E / a'a / ya danganta da mutumin.

Ga namiji: Ban taɓa aure ba / mun rabu / matata ta rasu / ina da mata ɗaya, biyu ko uku.
Wannan amsa tana fitowa a shafinka, ba a ɓoye ta. Mai iyali da ya rubuta cewa saurayi ne, in aka kawo mana ƙara kuma ta tabbata, za mu rufe shafinsa. Uwargida ta san kana neman ƙari? Ta sani / zan faɗa mata / na fi so in bar wannan.

8. Ƴaƴa
Kuna da su? Nawa, kuma a hannun wa suke? Za ku iya riƙon ɗan wani ko ɗiyar wata a gidanku? Ba ma son sunayen yara ko hotunansu.

9. Addini
Musulunci / Kiristanci / na fi so in bar wannan.
Ga Musulmi, in kuna so: Tijaniyya / Ƙadiriyya / Izala / ba na jingina da kowane ɓangare. Yana da muhimmanci a gare ku abokin zama ya kasance ɓangarenku? Wanda ya ce bai damu ba, za mu nuna masa kowa.

10. Karatu da sana'a
Makarantar allo / islamiyya / firamare / BEPC / BAC / jami'a / koyon sana'a. Kuna iya zaɓar fiye da ɗaya, kuma ba mu jera su don wani ya fi wani ba.
Me kuke yi? Noma, kiwo, kasuwanci, ɗinki, dukanci, kabu-kabu, koyarwa, aikin likita, aikin gwamnati, sana'ar cikin gida, ko ku rubuta naku. Ba ma tambayar albashi.
Ga mace: Kina son ci gaba da karatu ko aiki bayan aure? Ga namiji: Ka yarda matarka ta ci gaba? Aure da yawa a kan wannan yake tsinkewa, gara a ji amsa kafin a kai goro.

11. Awon jini
Kun san rukuninku game da amosanin jini, wato sikila? AA / AS / SS / wani / ban yi awo ba.
Dalilin tambayar: idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Amsarku ba ta fitowa a shafi. In ku biyu kun amsa kuma akwai abin dubawa, za mu ce muku ku je awo a likita kafin magana ta yi nisa, ba tare da mun faɗa wa ɗaya rukunin ɗaya ba. Mai SS yana da wurinsa a nan kamar kowa.

12. Yaushe kuke son auren, kuma a ina za a zauna?
Cikin wata shida / cikin shekara / sai an fahimci juna. Gidan kanmu / haya / cikin gidan iyaye.

13. Waliyyi
Kuna so wani babba ya san kuna nan? Uba, baffa, kawu, yaya ko inna. Zaɓi uku ne: ya riƙa ganin hirar / a sanar da shi idan an sa ranar haɗuwa / ba yanzu ba. Ba za mu kira kowa ba sai da izininku.

14. Hoto
Ba dole ba ne. Kowa ya gani / a dusashe shi sai na yarda / babu hoto. Sai dai muna roƙon kada a sa hoton wani.

15. Ku faɗi kanku da bakinku
Jimla uku, ko murya ta daƙiƙa 30. In kun rasa ta inda za ku fara: Me ke sa ku dariya? In ranku ya ɓaci, shiru kuke yi ko magana? Wane hali ne ba za ku iya zama da shi ba?

Kafin ku shiga
Ba ma sayar da bayananku, kuma duk ranar da kuka danna "Goge shafina" za mu share su. Duk wanda ya nemi ku turo kuɗi, katin waya ko hoton tsiraici, ku danna "Kai ƙara", mutum ne daga cikinmu zai duba. Haɗuwar farko a yi ta da rana, a gida gaban manya ko a wurin da jama'a suke.

Na karanta, na yarda, a buɗe mini shafi / Tukuna, zan sake dubawa